Ruwa namiji ne, agua mace ce: yadda ake gane jinsin suna a Sifaniyanci

Bahaushen da ya zauna koyon Sifaniyanci ya zo da jarin da mai jin Turanci kaɗai ba shi da shi. Tun muna goye muke rarrabe sunaye gida biyu. Muna cewa doki ne, riga ce. Farin doki, farar riga. Doki ya faɗi, riga ta yage. Ba wanda ya zaunar da mu ya bayyana mana dalilin da ya sa tukunya ta zama mace, tulu ya zama namiji, alhali duk yumɓu ne. Sifaniyanci ma haka yake. Kowane suna yana da jinsi, ko namiji ko tamace, kuma kalmomin da ke kewaye da shi dole su bi shi. Namiji yana ɗaukar *el* a gabansa, tamace ta ɗauki *la*: *el libro*, littafi, *la casa*, gida. Abin ma ya ƙara zuwa da sauƙi, domin yawancin sunayen tamace a harsunan biyu da wasalin *a* suke ƙarewa. A Sifaniyanci ƙarshen *o* kusan kullum namiji ne.

Wannan kamanni shi ne ke rufe wa ɗalibi ido. Ɗalibin Jami'ar Ahmadu Bello da ke neman gurbin ƙaro karatu a Sifen, ko matashin Zabi da ya fara tsintar kalmomi daga sharhin wasannin La Liga a gidan kallon ƙwallo, zai yi makonni yana tafiya lafiya lau da dokar "a mace, o namiji". Sai ranar da ya ci karo da *el agua* da *el problema*. Duk biyun sun ƙare da *a*, duk biyun suna ɗauke da *el*. Sai ya haɗa su a kwando ɗaya ya ce ai togaciya ce, maza ne masu kama da mata. Rabin maganarsa gaskiya ne. *Problema* namiji ne tsantsa. *Agua* kuwa mace ce, ba ta taɓa zama namiji ba. Wanda ya gane bambancin waɗannan kalmomi biyu ya gama da mafi wuyar batun jinsi a wannan harshe.

Kafin mu shiga, akwai abu biyu da ya kamata a sauke daga kai. Na farko, jinsin abu a Hausa ba ya gaya maka jinsinsa a Sifaniyanci. Rana mace ce a wurinmu, wata namiji, kamar yadda suke a Larabci. A can an juya: *el sol*, *la luna*. Hannu namiji ne, *la mano* mace ce duk da *o* ɗin da ke ƙarshenta. Na biyu, mu idan suna ya zama jam'i jinsi ya ɓace: fararen dawaki, fararen riguna, duk ɗaya. Sifaniyanci ba ya sakin jinsi a jam'i: *los libros blancos*, amma *las casas blancas*. Ka riƙe wannan, domin nan gaba shi ne zai zama ma'auninmu. Mu Zazzagawa kuma muna da ƙarin aiki. An daɗe ana tsokanarmu da cewa muna faɗin "motan Alhaji" da "rigan Audu" inda Bakano zai ce motar da rigar. A kasuwar Sabon Gari ba wanda zai tsayar da kai a kan haka, amma mai duba takardar jarrabawar DELE, wadda cibiyar Cervantes ke shiryawa, ba ya yafe irin wannan.

Abin da ya sa agua ta ɗauki el

Dokar gajera ce. Sunan tamace, idan tilo ne, kuma ya fara da wasalin *a* wanda nauyin furucin kalmar ya sauka a kansa, to *el* yake ɗauka maimakon *la*, muddin babu wata kalma a tsakaninsu. Harafin *h* ba a furta shi a Sifaniyanci, don haka kalmar da ta fara da *ha* ita ma tana cikin dokar. Shi ya sa ake cewa *el agua*, ruwa. *El hambre*, yunwa. *El aula*, ɗakin karatu. *El alma*, rai. *El arma*, makami. *El hacha*, gatari. *El águila*, gaggafa. *El área*, fili ko yanki, wanda masu kallon ƙwallo suka sani da gidan mai tsaron raga.

Wannan *el* ɗin ba na namiji ba ne aka aro. A Latin, uwar Sifaniyanci, kalmar nuni ta tamace ita ce *illa*. A tsohon Sifaniyanci ta zama *ela*. Idan ta zo gaban baƙi sai wasalin farko ya faɗi, a sami *la*: *ela casa* ta zama *la casa*. Idan ta zo gaban wasali sai na ƙarshe ya narke, a sami *el*: *ela agua* ta zama *el agua*. A da ana yin haka gaban wasula da dama, daga baya abin ya taƙaita ga *a* mai nauyi kaɗai. Wato *el* biyu ne suka yi kama a rubutu, ɗaya na namiji, ɗaya na tamace. Wanda ya yi Faransanci a sakandare ko a sashen Faransanci na Samaru ya san irin wannan: ana cewa *mon amie* ga ƙawa mace, ba don ta zama namiji ba, sai don kada wasula biyu su yi karo.

Duk aikin ya koma kan sanin inda nauyi yake sauka, kuma a nan Bahaushe yakan ɗan sha wuya, domin mu da karin sauti da tsawon wasali muke aiki, ba da danna gaɓa ɗaya ba. Sa'ar da aka yi, rubutun Sifaniyanci yana faɗa maka. Kalmar da ta ƙare da wasali, ko *n*, ko *s*, nauyinta yana kan gaɓa ta biyun ƙarshe. Idan ba a nan yake ba, za ka ga alamar ɗan karkataccen layi a kan wasalin da ya ɗauke shi. Daga nan sai a sami hanya mai sauƙi: ƙirga gaɓoɓi. *A-gua* gaɓa biyu ce, ta biyun ƙarshe ita ce ta farko, nauyi yana kan *a*, saboda haka *el*. Haka *al-ma*, *ar-ma*, *au-la*, *ham-bre*, *a-la* (fiffike), *a-ve* (tsuntsu). *A-re-na*, yashi, gaɓa uku ce ba alama, nauyi yana kan *re*, saboda haka *la arena*. Haka *la harina*, gari. *La amiga*, ƙawa. *La abeja*, ƙudan zuma. *La almohada*, matashin kai. *Á-gui-la* ita ma gaɓa uku ce, amma alamar da ke kan *a* ta jawo nauyin gaba, sai ta koma *el águila*. Ka lura cewa *la amiga* ma tana haɗa *a* biyu, ba wanda ya damu. Don haka bayanin da ake yawan yi wa ɗalibai, wai "ba a son *a* biyu su haɗu", bai cika ba. Sai *a* ta biyun ta kasance mai nauyi.

Yanzu ga inda mutane ke zamewa. Canjin bai wuce wannan ƙaramar kalma da ke manne da sunan ba. Duk sauran abin da ke jimlar yana nan a tamace. Sifa tamace ce: *el agua fría*, ruwan sanyi, ba *frío* ba, *el aula nueva*, sabon aji, *el área pequeña*, ƙaramin gidan mai tsaron raga. Jam'i yana komawa *las*, domin *s* ta shiga tsakanin wasulan: *las aguas*, *las aulas*, *las armas*. Idan wata kalma ta gitta tsakani, *la* tana dawowa: *la misma agua*, ruwa iri ɗaya, *la mejor arma*, makami mafi kyau. Kalmomin nuni ba sa canzawa: *esta agua*, *esa aula*, *aquella águila*. Na yawa ma haka: *mucha hambre*, *poca agua*, *toda el agua*. Wannan ta ƙarshe ta cancanci a tsaya a dube ta, domin a cikin kalmomi uku ga *toda* ta tamace ga *el* suna zaune kafaɗa da kafaɗa, kuma daidai ne. Wakilin suna shi ma na tamace ne: idan ka ce ka sayi ruwan, *la compré* za ka ce.

Kalmomin da ke bin sahun *el* kaɗan ne. *Una* tana gajarcewa ta zama *un*: *un águila*, *un aula*. *Alguna* da *ninguna* su ma sukan gajarce: *algún arma*, *ningún aula*, ko da yake cikakkiyar siffar ba kuskure ba ce. Sannan *el* ɗin yana haɗewa da *de* da *a* kamar yadda na namiji ke yi: *del agua*, *al aula*.

Za ka ji mutanen Sifen da kansu suna cewa *este agua* ko *mucho hambre*, har a rediyo. Kunnensu ya saba da *el* har ya ja sauran kalmomi. Hukumar kula da harshen, Real Academia Española, wadda aka kafa a 1713, ta bayyana a ƙamusunta na warware shakku na 2005 cewa siffar tamace ita ce daidai. Ra'ayina shi ne baƙo ya bi ƙa'ida. Ɗan gari idan ya karya harshe ana cewa salonsa ne, baƙo idan ya karya ana cewa bai iya ba.

Ga Bahaushe tarkon ya ninka, kuma wannan ba za ka same shi a littattafan da aka rubuta don Turawa ba. Ruwa a Hausa yana cikin sunayen nan da suka ƙare da *a* amma maza ne, irin gida, suna, nama, wata. Muna cewa ruwan ya ɗauke, ruwa ne mai kyau. To da ɗalibi ya ga *el agua*, zuciyarsa ta riga ta amince: namiji a can, namiji a nan. Rai namiji ne, makami namiji ne, aji namiji ne, gatari namiji ne, kuma *alma*, *arma*, *aula*, *hacha* duk suna ɗauke da *el*. Komai yana tabbatar masa da kuskurensa. Yunwa da gaggafa ne kawai a jerin suka zo daidai da jinsinsu na Hausa.

Dokar tana da 'yan wuraren da ba ta shiga. Sunayen haruffa suna riƙe *la*: *la a*, *la hache*. Sunayen mata ma haka, idan an sa musu: *la Ana*. Birnin da kotun duniya take a Holan, *La Haya* ake ce masa. Sifa ba ta jawo canjin, ko da ta fara da *a* mai nauyi: *la alta torre*, doguwar hasumiya. Idan suna ɗaya ne ga namiji da mace, kuma *el* da *la* ne kaɗai ke bambanta su, ana barin *la* don kada ma'ana ta ɓace: *el árabe* Balarabe, *la árabe* Balarabiya. Sannan idan aka ƙara wa kalma ɗafa-ƙeya nauyi ya matsa gaba, *la* tana dawowa da kanta: ɗan ruwa kaɗan shi ne *la agüita*, domin yanzu nauyin yana kan *i*. Wannan misali shi ne hujja mafi ƙarfi cewa kalmar mace ce tun asali.

Mazan da suka ƙare da ma

Labarin *problema* daban ne. Kalmar Girkanci ce. Girkanci yana da jinsi na uku, wanda ba namiji ba tamace ba, kuma akwai tarin sunaye a wannan jinsi da ke ƙarewa da *ma*. Latin ya are su ya bar su a jinsinsa na uku. Da Sifaniyanci ya zubar da wannan jinsi a sunaye, akasarin abin da ke cikinsa ya koma namiji, waɗannan kalmomi suka bi ayari. Yawancinsu kalmomin makaranta ne da asibiti da ofis, irin waɗanda ɗalibin jami'a zai buƙata tun a wasiƙarsa ta farko: *el tema*, batu, *el sistema*, tsari, *el programa*, shiri, *el idioma*, harshe, *el clima*, yanayi, *el diploma*, *el esquema*, zayyana, *el teorema*, *el síntoma*, alamar ciwo, *el poema*, waƙa rubutacciya.

Waɗannan maza ne ta kowace fuska. Sifa namiji: *un problema serio*. Jam'i namiji: *los problemas*. Nuni namiji: *este tema*. Wakilin suna namiji: *lo resolvemos*, muna warware ta. Ka ga ni ma da na fassara sai na ce "ta", domin matsala mace ce a Hausa, kuma ga *a* a ƙarshen *problema*. Dalili biyu ke tura bakin Bahaushe ya ce *la problema*, kuma wannan na cikin kurakuran da kunnen mai harshen ke saurin kamawa.

Sai dai kada a ɗauka duk abin da ya ƙare da *ma* namiji ne. Kalmomin gida da na yau da kullum, waɗanda yawancinsu ba ta wannan hanya suka shigo ba, mata ne: *la cama*, gado, *la firma*, sa hannu, *la forma*, siffa, *la pluma*, gashin tsuntsu ko alƙalami, *la rama*, reshe, *la paloma*, tantabara, *la lágrima*, hawaye, *la goma*, roba, *la suma*, jimilla. Ɗalibin da ya haddace "ma namiji ne" ya rubuta *el firma* a takardar neman biza bai fi mai cewa *la problema* ba.

To yaya za a rarrabe ba tare da an koyi Girkanci ba? Akwai gwaji mai amfani. Waɗannan kalmomi a Girkanci suna da ɓoyayyen *t* a saiwarsu, kuma yana fitowa idan an ƙera sifa daga gare su. *Problema* tana ba da *problemático*, *sistema* ta ba da *sistemático*, *clima* ta ba da *climático*, *drama* ta ba da *dramático*, *síntoma* ta ba da *sintomático*, *aroma* ta ba da *aromático*. Idan ka san sifa mai ƙarewa da *mático* daga kalmar, kusan tabbas namiji ce. Matan kuwa wata hanya suke bi: *forma* ta ba da *formal*, *norma* ta ba da *normal*, *fama* ta ba da *famoso*. Ƙarshen kalmar ma yana taimakawa: *grama* a *programa*, *diagrama*, *telegrama* na maza ne, haka yawancin masu *ema* da *oma* na ilimi. Mai Faransanci yana da ƙarin madogara, domin *le problème*, *le système*, *le thème*, *le programme* duk maza ne a can ma.

Gwajin yana da iyaka, kuma gara a san ta. *La crema* da *la yema*, ƙwanduwar ƙwai, sun ƙare da *ema* amma mata ne. *La flema*, majina, tana da *flemático*, duk da haka mace ce. Wadda ta fi kowace rikitarwa ita ce *asma*, ciwon da mu ma muke kira asma, wanda ɗaliban likitanci a Shika za su haɗu da shi. Daga Girkanci take, tana da *asmático*, ana rubuta ta *el asma*. Komai yana nuna namiji. Amma a ƙa'ida mace ce, *el* ɗinta irin na *agua* ne, shi ya sa likita zai rubuta *asma crónica* ko *asma alérgica*.

Wannan ya kawo mu ga kalmomin da dokokin biyu suka haɗu a kansu. Ɗauki *el alma* da *el aroma*. Duk sun fara da *a*, sun ƙare da *ma*, suna ɗauke da *el*. Ƙirga gaɓoɓi. *Al-ma* biyu ce, nauyi yana kan *a* ta farko, saboda haka *el* ɗinta ba shaida ba ne, mace ma za ta ɗauke shi a wannan wuri. Sai an nemi jam'i: *las almas*. Mace ce. *A-ro-ma* uku ce, nauyi yana kan *ro*. Da mace ce da an ce *la*, kamar *la arena*. Tunda ta ɗauki *el* ba tare da wannan uzuri ba, namiji ce ta gaske: *los aromas*, *un aroma intenso*.

Hanyar ke nan a duk lokacin da ka ga suna mai *a* a ƙarshe da *el* a gaba. Fara duba farkon kalmar. Idan *a* ce mai nauyi, kada ka yarda da *el*, nemi jam'inta ko wata sifa da ke tare da ita a cikin rubutun, ko ka buɗe ƙamus ka ga ko *f.* aka sa mata ko *m.* Idan ba *a* mai nauyi ba ce, *el* ya faɗi gaskiya, namiji ce. Daidai yake da abin da malamin Hausa ke yi idan yara sun yi gardama kan kalma: ba ya kallon ƙarshenta, sai ya ce a sa mata "ne" ko "ce" a ji. Gwamnati da kotu ba su ƙare da *a* ba, amma gwamnati ce, kotu ta yanke hukunci.

A gwada a kan rubutu

A ce an ba ɗalibi aikin ya bayyana unguwarsu a jimla huɗu, shi kuma ɗan Zabi ne, ya zaɓi ya yi maganar ruwa a watan Maris, lokacin da zafi ya kankama rijiyoyi suka ja baya. Ga irin abin da hannu ke fara rubutawa:

*La problema más seria de mi barrio es la agua. En marzo la clima es muy seca. El agua del pozo es fresco, pero este agua no está limpio. Los aguas del río Kubanni están sucios.*

Nufinsa: babbar matsalar unguwarmu ita ce ruwa; a Maris yanayi a bushe yake ƙwarai; ruwan rijiya yana da sanyi, amma wannan ruwa ba shi da tsabta; ruwan kogin Kubanni ya yi datti.

A jimlar farko *problema* ba ta fara da *a* ba, tana da *problemático*, namiji ce. Gyaran ba ya tsayawa kan *la* kaɗai, sifar ma sai ta bi: *el problema más serio*. A ƙarshen jimlar ya rubuta *la agua*. Jinsin ya samu daidai, siffar ce bai samu ba: gaɓa biyu, nauyi a farko, ba komai a tsakani, sai *el agua*. A jimla ta biyu *clima* tana da *climático*, don haka *el clima es muy seco*. A ta uku ya tuna da *el agua*, ya kuma sami *del pozo* daidai tunda rijiya namiji ce a can, amma *el* ɗin ya ja shi ya mai da komai namiji. Gyara uku ne a nan: *fresca*, *esta*, *limpia*. Ka lura cewa *fresca* da *limpia* sun yi nisa da sunan, aikatau ya shiga tsakani. A irin wannan wuri aka fi yin kuskure, domin ido ya bar kan sunan, abin da ya rage a kai shi ne *el* da kuma ruwan Hausa. A jimla ta huɗu jam'i ne, uzurin *el* ya ƙare: *las aguas*, *sucias*. Ga yadda ya kamata ta kasance:

*El problema más serio de mi barrio es el agua. En marzo el clima es muy seco. El agua del pozo es fresca, pero esta agua no está limpia. Las aguas del río Kubanni están sucias.*

Kuskure goma a jimla huɗu, kuma duk daga kalmomi uku suka fito. Maganinsu yana cikin yadda ake rubuta sabuwar kalma a littafin haddar kalmomi. Yawancin ɗalibai suna rubuta suna da *el* ko *la* a gabansa, wanda ya wadatar ga *libro* da *casa*. Ga waɗannan kalmomi bai wadatar ba. Rubuta su da sifa mai nuna jinsi da kuma jam'i: *el agua fría, las aguas*, *el problema serio, los problemas*. Zaɓi sifar da ke ƙarewa da *o* ko *a*. Idan ka sa *grande* ko *azul* ba ka yi komai ba, domin ba sa canzawa tsakanin namiji da tamace. Sannan ka riƙa faɗinsu da baki tare, har *agua fría* ta zame maka kamar kalma ɗaya.

Sauran togaciyar ba su da dogon labari, hadda ce. *El día*, yini, da *el mapa*, taswira, da *el planeta* maza ne, shi ya sa gaisuwar safe take *buenos días* amma ta yamma *buenas tardes*. *La foto* da *la moto* mata ne domin gutsuren *fotografía* da *motocicleta* ne, sun riƙe jinsin cikakkiyar kalmar. Sunayen masu sana'a da ke ƙarewa da *ista* suna bin mutumin: *el periodista* ɗan jarida, *la periodista* 'yar jarida. Kalmomin da suka ƙare da *ción*, *sión*, *dad*, *tad*, *tud*, *umbre* mata ne, kamar *la universidad* da *la nación*; masu *aje* da yawancin masu *or* maza ne, kamar *el viaje* da *el color*, ban da irin *la flor*. A nan mai Faransanci ya yi hattara, domin taimakon da ya samu a *problème* ba ya zuwa ko'ina: launi mace ne a Faransanci namiji a Sifaniyanci, madara da gishiri da jini maza ne a Faransanci amma *la leche*, *la sal*, *la sangre*.

Akwai kuma 'yan kalmomin da jinsi ke canza musu ma'ana ɗungurungum. *El capital* jari ne, *la capital* babban birni. *El cólera* cutar amai da gudawa ce, *la cólera* fushi. *El orden* tsari ne, *la orden* umarni. Cikin masu *ma* ma akwai guda: *el coma* doguwar suma ce ta asibiti, *la coma* waƙafi ne a rubutu.

Akwai wasu biyu da suka ƙi zama a kowane gida. *Arte*, fasaha, a tilo yawanci namiji ne, *el arte moderno*, a jam'i kuma ya koma mace, *las bellas artes*. Ɗayar ita ce *azúcar*, sukari, wadda ta fito daga kalmar Larabcin nan da ta ba mu tamu, sai dai Sifaniyanci ya haɗiye ta har da "al" ɗinta. Nauyinta yana kan *zú*, don haka dokar *agua* ba ta shafe ta ba. Ana karɓarta a jinsi biyu, har za ka ga *el azúcar blanco* a wani buhu, *azúcar blanca* a wani. Idan kai ne mai rubutu, ɗauke ta namiji daga farko har ƙarshe, *el azúcar blanco*, ba mai gyara maka.